Hoton Kayan Sayarwa: Tsari, Jeri da Rubutun Madadi

Ashige gari ne na manoma a ƙaramar hukumar Lafiya ta jihar Nasarawa, kuma doya tana cikin amfanin gonar da aka san wannan yanki da shi. Wanda ya zo kasuwa da ƙafarsa yakan ɗauki doya ya jinjina nauyinta, ya juya ta ya duba ko ƙwaro ya huda ta, sannan ya yi ciniki. Amma wanda yake Kano ko Abuja, yana kallon tallar a wayarsa, ba shi da wannan dama. Abu biyu kawai yake da su: rubutun da mai kaya ya yi, da hotunan da ya sa. Idan waɗannan biyun suka saɓa wa juna, ko dai mai saye ya fasa, ko kuma ya biya kuɗi, kaya su iso, rigima ta tashi. A wannan darasi za ka ga yadda ake tsara hotuna domin su zama shaidar abin da aka rubuta.

A ce wani yayanka a Ashige yana da doya, ya roƙe ka ka taimaka masa ya tallata ta a intanet. Kada ka fara da ɗaukar hoto. Fara da rubuta tallar, domin rubutun ne zai gaya maka hotunan da kake bukata. Ga misalin abin da za ka iya rubutawa: "Farar doya daga Ashige, ƙwarya ɗaya, wato guda 100. Kowace ɗaya ta kai tsawon santimita 30 ko fiye. Cikinta fari ne, ba ruɓa. Kaɗan daga ciki suna da tabon sara. Ana lodi a Lafiya."

Yanzu sake karanta wannan rubutu, ka ja layi a ƙarƙashin duk maganar da mai saye zai iya shakka a kanta. Za ka sami guda huɗu: yawan doyar, girmanta, lafiyar cikinta, da tabon da aka ambata. Kowace magana daga cikinsu tana bukatar hoto ɗaya da zai gaskata ta. In ka ƙara da hoton farko, wanda zai nuna kayan a fili, ka sami hotuna biyar. Maganar lodi a Lafiya ba ta bukatar hoto, domin hoton mota ba zai ƙara wa mai saye ilimin komai game da doya ba. Haka nan hoton gona, komai kyansa. Mutane da yawa suna sa hotuna goma na abu ɗaya daga gefe ɗaya, alhali tambayar mai saye ko ɗaya ba su amsa ba.

Hoton farko ya fi sauran nauyi. Shi ne wanda yake fitowa ƙarami a cikin jerin tallace-tallace, tun kafin mutum ya taɓa naka ya buɗe. Saboda haka dole a gane abin da ke ciki ko da hoton bai wuce girman kan sarki ba. Ɗauki doya uku ko huɗu, ka kakkaɓe ƙasar jikinsu, ka jera su a kan farin buhu ko tabarma marar ado. Ka bar ɗan fili a kowane gefe, domin manhajoji da yawa sukan datse gefen hoto idan za su nuna shi ƙarami, kuma doya doguwa ce, sai a yanke mata kai ko gindi. Wani abu kuma: doyar da za ka zaɓa ta zama matsakaiciya, irin wadda ta fi yawa a cikin tarin. Ɗora manya a sama a ɓoye ƙanana a ƙasa tsohuwar dabara ce a kasuwa, amma a nan tana da tsada, domin hoton yana nan a wayar mai saye, zai kuma gwada shi da abin da aka sauke masa.

Hoto na biyu shi ne na girma. Hoto ba ya faɗin girman abu da kansa. Ƙaramar doya, idan aka matso da waya kusa da ita, sai ta cika allo ta zama kamar turmi. Maganin wannan shi ne a ajiye abin awo a gefenta. Tef ɗin tela ya wadatar. Shimfiɗa shi daga kan doyar zuwa gindinta, ka tsaya a samanta, ka riƙe wayar a kwance daidai da ƙasa, yadda lambobin za su karantu. In ka ɗauka a karkace, ɓangaren da ya fi kusa da kai zai ƙara girma, awon kuma ya zama ƙarya.

Na uku shi ne na cikin doyar. Yanka guda ɗaya biyu, ka ɗauki hoton nan take, saboda yankakkiyar doya takan sauya launi idan ta sha iska. Na huɗu shi ne na tabo. Wannan ne hoton da masu kaya ba su so, amma a ganina shi ne ya fi kare su. Kalmar "tabo" tana iya nufin ɗan ƙarce a wurin wani, ta nufi ruɓa a wurin wani. Hoto na kusa, da yatsa yana nuna wurin, shi zai raba gardama. Na biyar kuma ya nuna tarin gaba ɗaya, a jere layi-layi, goma-goma, yadda mai son ƙirgawa zai iya ƙirgawa.

Ka lura cewa wannan jeri bai bi jerin rubutun tallar daidai ba. A rubuce, yawan doyar ne ya zo da fari, amma hotonsa ya zo ƙarshe. Dalili kuwa shi ne, tarin doya 100 a ƙaramin hoto ba ya nuna komai sai tudu mai launin ƙasa. Jerin hotuna yana bin yadda mai saye yake tambaya: mene ne wannan, yaya girmansa, lafiyarsa ƙalau, ina aibinsa, nawa ne yawansa. Mutane da yawa ba sa kaiwa hoto na ƙarshe, don haka abin da ya fi muhimmanci ya zo da wuri.

Game da haske, magana kaɗan ce. Ɗauki dukkan hotunan lokaci ɗaya, a inuwa mai haske, da safe ko da yamma. Ranar tsaka tana jefa baƙar inuwa, fitilar waya kuma tana ɓata launi. In launin doyar ya bambanta daga hoto zuwa hoto, mai saye zai zaci kaya iri biyu ne aka haɗa.

Saura rubutun madadi. Wannan gajeren bayani ne da ake liƙa wa kowane hoto, ya tsaya a madadinsa ga wanda bai ga hoton ba. Wa ke bukatarsa? Na farko, makaho ko mai raunin gani. Irin wannan mutum yana amfani da manhajar da ke karanta masa abin da ke kan allo da murya, kamar TalkBack a wayoyin Android ko VoiceOver a wayoyin iPhone. Idan manhajar ta iso kan hoto, rubutun madadi take karantawa. In babu, sai ta ce akwai hoto kawai, ko ta karanto sunan fayil mai tarin lambobi marar ma'ana. Na biyu, mutumin da sabis ɗinsa ya yi rauni, hoton ya ƙi buɗewa, domin a shafukan intanet wannan rubutu yakan bayyana a gurbin hoton. Na uku kuma injin bincike irin su Google, wanda yake amfani da rubutun wajen gane abin da hoto ya ƙunsa.

A shafin intanet, ana sa shi a cikin alamar hoto, a gurbin da ake kira `alt`. Ga na hoto na biyu:

```html
<img src="doya-awo.jpg"
     alt="Doya ɗaya kusa da tef ɗin tela, tsawonta santimita 32">
```

Ba sai ka iya rubuta irin wannan ba kafin ka amfana. Instagram ya buɗe wa masu amfani da shi gurbin rubutun madadi tun shekarar 2018, kuma Facebook ma yana da nasa. Inda ka duba ba ka sami gurbin ba, sai ka sa bayanin a ƙarƙashin hoton ko a cikin rubutun tallar.

Kafin ka rubuta, tambayi kanka: don me na sa wannan hoto? Amsar ita ce rubutun madadi. An sa hoto na biyu don ya nuna tsawo, shi ya sa lambar 32 ta shiga cikin bayaninsa. Da an rubuta "doya mai kyau", da makaho bai sami abin da mai gani ya samu ba. Na hoto na uku zai iya zama: "Doya da aka yanka biyu, cikinta fari, ba ruɓa." Na huɗu: "Tabon sara mai tsawon rabin yatsa a gefen doya, ya bushe." Jimla ɗaya ta isa kowanne. Ba ka bukatar farawa da "hoton", domin manhajar tana sanar da mai sauraro cewa hoto ne. Kuma ka rubuta da harshen da ka rubuta tallar.

Akwai kurakurai uku da ake yawan yi. Wasu suna kwafe jimla ɗaya su manna wa hotuna biyar, sai mai sauraro ya ji magana ɗaya sau biyar. Wasu suna cusa kalmomi barkatai, "doya, doya mai araha, doyar Lafiya, sayi doya", da fatan injin bincike zai fifita su, alhali wannan yana gajiyar da mai sauraro, kuma Google da kansa ya hana. Wasu kuma suna sa farashi a cikin hoto ko a rubutun madadi. Farashin doya yana hawa yana sauka daga kaka zuwa bazara. Za ka gyara shi a tallar ka manta da hoton, sai a sami farashi biyu a wuri ɗaya.

Doya ma kanta tana sauyawa. Wadda aka ajiye wata biyu ko uku takan rage nauyi, ta fara tsiro, ba ta kama da sabuwar da aka haƙa jiya. Idan kayan suka daɗe ba a sayar ba, sake ɗaukar hotunan, ka gyara rubutun tallar da na madadi tare.

Kafin ka aika tallar, yi gwaji ɗaya. Rufe hotunan, ka karanta wa abokinka rubutun madadi guda biyar a jere, sannan ka tambaye shi abin da ake sayarwa, da girmansa, da aibinsa, da yawansa. Duk tambayar da ya kasa amsawa, koma kan hoton da ya kamata ya amsa ta. Wataƙila jimlar ce ba ta cika ba, wataƙila kuma hoton ne ba a ɗauka ba tun farko.