Man Kuloci: Ma'ajiyarsa da Irin da Ya Dace da Mota

A motocin da ake canza wa giya da hannu, hanyoyi biyu ne aka fi amfani da su wajen isar da ƙarfin ƙafar direba zuwa ga kuloci, wato na'urar da ke raba inji da giyabos domin giya ta shiga ba tare da gurza ba. Hanya ta farko ita ce waya ta ƙarfe da ake ja, kuma motar da ke da ita ba ta da wani man kuloci da za a duba. Ta biyu ita ce ta matsin ruwa, inda taka feda ke tura fistin a cikin silindar da ke manne da bangon da ya raba direba da inji, wadda makanikai ke kira kuloci na sama ko masta, shi kuma fistin ya kora mai ta cikin siririn bututu zuwa wata silindar a jikin giyabos, kuloci na ƙasa, wadda ke danna farantin matsi ya saki faifan kuloci. Dabarar ta dogara ne kacokan a kan cewa ruwa ba ya matsuwa, saboda haka duk tazarar da fistin na sama ya tura sai ta bayyana a ƙasa. Iska kuwa tana matsuwa, kuma da zarar ta shiga bututun sai ta shanye wani kaso na takun direba kafin ya kai ga kuloci.

Abin da ake kira man kuloci, a mafi yawan motoci, man birki ne ba wani abu daban ba, kuma ba shi da dangantaka da man giya duk da cewa silindar ƙasa a jikin giyabos take. Wannan ne ya ba masu ƙera motoci damar haɗa kuloci da birki a robar ajiya guda, kamar yadda ake gani a Golf samfuri na huɗu, da motocin Turai da dama na zamaninta da na bayanta. Wasu kuwa, irin tsofaffin Hilux da Honda Accord masu giyar hannu, suna da 'yar ƙaramar roba ta kuloci ita kaɗai, a gefen babbar ta birki. Gane wanne tsari mota ke da shi ba ya buƙatar littafi: idan an buɗe bonet an ga roba ɗaya tak a saitin direba, kuma wani baƙin tiyo ya fito daga haƙarƙarinta ya nufi bangon inji, to wannan tiyon shi ke shayar da kuloci, ma'ajiyar kuma ta tarayya ce.

Inda tiyon ya fito shi ne abin lura, domin ba a gindin robar yake ba. Ana huda mafitarsa ne a sama da ta birki, sau da yawa kuma da ɗan shinge a ciki wanda ya ware wa kuloci wani ƙaramin lungu, ta yadda idan kuloci ya fara yoyo ba zai iya zuƙe man ya wuce bakin mafitarsa ba, birki kuma ya tsira da abin da ya rage a ƙasa. An yi haka da gangan, saboda motar da kulocinta ya mutu tana iya tsayawa a gefen hanya, wadda birkinta ya mutu kuwa ba ta da wannan zaɓin. Sai dai tsarin yana da wata fuska da direbobi ba su cika sani ba, wato duk abin da ya rage mai a robar, ko da daga ɓangaren birki matsalar take, kuloci ne zai fara nuna alama. Har ma cinyewar takalman birki kan sauke man a hankali ba tare da ɗigo ko ɗaya ya zuba ba, domin gwargwadon yadda takalmin ya sirance haka fistin ɗin birki ke ƙara fitowa, mai kuma ya bi shi ya cike gurbin.

A ɗauki misalin Golf ta haya wadda direbanta ya lura fedar kuloci ta yi laushi, ta koma kamawa can kusa da ƙasa, giyar baya tana ƙara kafin ta shiga, amma idan ya buga fedar sau uku ko huɗu a jere sai al'amura su ɗan daidaita. Giyar baya ce ta fara kuka saboda a yawancin giyabos ba ta da zoben da ke daidaita gudun haƙora kamar na giyoyin gaba, don haka ita ke fara tona asirin kulocin da bai saki sosai ba. Gyaruwar fedar da bugawa kuwa alama ce ta iska a bututu. Abu na farko shi ne duba robar a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, kuma idan an tarar man ya sauka ƙasa da layin MIN, tambayar da ta fi muhimmanci ita ce ina ya tafi, tun da mai ba ya ƙonewa a wannan tsarin. Ana shafa hannu a saman fedar daga cikin mota, inda sandar masta ta ratso bango, domin yoyon kuloci na sama ciki yake gangarowa ya jiƙa kafet. Ana leƙa mahaɗar inji da giyabos daga ƙasa don ganin ko na ƙasa ne ke ɗiga. Idan duka biyun a bushe suke, sai a koma bayan tayoyi huɗu da bututun birki, sannan a duba kaurin takalma. Makanikin da ya cika robar ya sallami direba ba tare da wannan binciken ba, ya kashe alamar ne ya bar cutar, kuma cutar tana iya zama ta birki.

Akwai wata lalacewar da ba ta rage mai ko kaɗan, wadda ke faruwa idan robar fistin na masta ta cinye har mai yana sulalewa ta gefenta ya koma ma'ajiya. Ana gane ta da taka kuloci har ƙasa, mota tana cikin giya ta ɗaya, a riƙe na ɗan lokaci. Idan motar ta fara jan jiki ƙafa ba ta ɗaga ba, to matsin ya zurare ta ciki, kuma ƙarin mai ba zai amfana da komai ba sai an sauya masta ko robobinta. Wani abin da ke bambanta tsadar gyara shi ne mazaunin silindar ƙasa. A wasu motocin a waje take, kusoshi biyu ne ke riƙe da ita, a wasu kuma tana cikin rumbun kuloci kewaye da sandar giyabos, sai an sauke giyabos ɗungurungum kafin a kai gare ta, kuma yoyonta kan ɓata faifan kuloci ya tilasta sauya shi.

Game da irin man da ya dace, amsar tana rubuce a kan murfin robar, kuma ita ce hukunci. Lambobin DOT da ake gani a jikin gwangwani ma'auni ne na ma'aikatar sufurin Amurka, babban abin da suke aunawa kuma shi ne zafin da mai zai jure kafin ya tafasa. Sabon DOT 3 dole ya jure aƙalla digiri 205 a ma'aunin Salshiyas, DOT 4 digiri 230, DOT 5.1 kuma digiri 260. Waɗannan ukun duk daga sinadarin gilaikol aka haɗa su, suna gaurayuwa da juna, don haka zuba DOT 4 a motar da ta nemi DOT 3 ba ya cutar da ita, amma akasin haka yana rage juriyar zafi. Kuloci shi kaɗai ba ya ɗaukar zafin da birki ke ɗauka, sai dai a ma'ajiyar tarayya buƙatar birki ce ke yanke magana, shi ya sa a Golf ɗin da aka ambata DOT 4 ne kawai ya kamata ya shiga robar. DOT 5 kuwa, duk da kusancin lambarsa da DOT 5.1, abu ne daban da aka yi da silikon, launinsa shunayya ne, kuma ba a gauraya shi da sauran.

Kuskuren da ya fi kowanne ɓarna shi ne zuba man da aka samo daga ɗanyen mai, ko na sitiyari ne, ko na giya, ko baƙin mai, abin da kan faru idan mota ta tsaya a hanya aka ɗauki abin da ke kusa. Robobin cikin silindun birki da kuloci an yi su ne da nau'in da ke jure gilaikol amma yake kumbura ya ruɓe idan ya haɗu da irin wannan man. Robar da ta kumbura a masta tana iya toshe ɗan ramin da mai ke komawa ma'ajiya ta cikinsa, matsi ya maƙale, kuloci ya riƙa zamewa ko birki ya riƙa kamewa, kuma a ma'ajiyar tarayya ɓarnar tana bin tsarin biyu gaba ɗaya, gyaranta kuwa ya haɗa da sauya duk wata roba da man ya taɓa. Idan ana shakkar abin da ke cikin kwalbar da ba ta da suna, a ɗiga kaɗan a cikin ruwa: man birki na gilaikol yana narkewa ya gauraya, ɗayan kuma yana tasowa ya yi maiƙo a sama. Akwai 'yan motocin da suka saɓa wa wannan ƙa'ida, irin wasu tsofaffin Citroën masu amfani da koren man LHM, da wasu babura masu kulocin matsin ruwa da ke neman man da aka samo daga ɗanyen mai, kuma a wurinsu man birki ne ke zama gubar.

Gaurayuwar gilaikol da ruwa ita ce kuma dalilin tsufansa, domin yana zuƙar laima daga iska kamar yadda gishiri ke yi da damina. Idan ruwan da ke cikinsa ya kai kashi 3.7 cikin ɗari, ma'aunin ya yarda juriyar DOT 4 ta sauka zuwa digiri 155, ta DOT 3 zuwa 140, sannan ruwan yana sa tsatsa a cikin silindun ƙarfe, tsatsar kuma ta ci robobi, abin da ke mayar da man baƙi. Saboda haka masu ƙera motoci da dama ke ba da umarnin sauya shi duk shekara biyu, kuma gwangwanin da aka buɗe aka ajiye watanni bai cancanci a zuba shi ba. Abin da ake yawan mantawa shi ne sauya mai ta tayoyi huɗu ba ya sabunta wanda ke kwance a bututun kuloci, ko da roba ɗaya suke sha, domin bututun nasa hanya ce da ke toshe a ƙarshe, sai an buɗe 'yar kusar fitar da iska na silindar ƙasa.

Wannan aikin na mutum biyu ne idan babu na'urar tura mai. Ana cika robar zuwa layin MAX, a saka siririn tiyo mai nuna ciki a bakin kusar, ɗaya ƙarshensa a nutse cikin kwalba mai ɗan mai. Na cikin mota ya taka feda ya riƙe, na ƙasa ya buɗe kusar, mai da kumfa su fita, ya rufe kafin a ɗaga feda, wadda a motoci da yawa sai an ɗago ta da hannu, tun da farantin matsi ne ke mayar da ita kuma an saki matsinsa. Ana maimaitawa har mai ya riƙa fita garau babu kumfa, ana ƙara mai a robar bayan kowane 'yan taku, saboda lungun kuloci yana bushewa tun robar tana nuna kamar da sauran mai, kuma zuƙar iska sau ɗaya tana mayar da aikin farko. Gwangwanin rabin lita ya ishi kuloci har da saura, kuma duk inda man ya ɗiga a jikin mota a wanke shi da ruwa nan take, domin yana cin fenti.