Takardar da ya kamata a rubuta kafin a haƙa harsashin gini

Duk wanda ya taɓa sa gini ya san wannan kiran. Wayarka ta yi ƙara da sassafe, ka ɗauka, ka ji muryar birkila: "Alhaji, ruwan daren jiya ya cika ramin fandisho, gefe guda ma ya rufta." Kai kuma ka ce wannan tsautsayi ne. Amma in za a faɗi gaskiya, wanda ya haƙa rami a watan Agusta a Kano ko Zariya ya bar shi a buɗe, bai kamata ruwa ya zo masa da mamaki ba. Kowa a wurin ya san za a yi ruwa. Abin da ba a yi ba shi ne a zauna a ce: idan ya zo, wa zai yi me?

Amsar wannan tambayar ita ce aikin takardar da masana gudanar da ayyuka ke kira rajistar haɗari. Haɗari nake nufi mai ƙugiya, wato abin da ka iya ɓata aiki, ko da yake a harkar gini hadarin sama ma yana cikin manyan haɗurran. Manyan kamfanoni suna da manhajoji da ƙa'idoji na wannan, har akwai ma'aunin duniya mai suna ISO 31000 da ya fito a 2009. Mai ƙaramin gini kuwa littafin makaranta da biro sun ishe shi. A ja layi a raba shafi gida shida: mene ne haɗarin, yaya yiwuwarsa, yaya girman ɓarnarsa, maki nawa ya ci, wa ke riƙe da shi, kuma me za a yi.

Mu ɗauki misali, kuma alƙaluman na kwatance ne kawai. Wani ɗan kasuwa zai gina shaguna huɗu masu dekin a bakin titi, ya ware naira miliyan 20, yana son a gama cikin wata biyar, za a fara a watan Yuni. Kafin a sa diga a ƙasa, sai ya zaunar da ɗan kwangila da injiniya da babban birkila da kafinta, na tsawon awa guda. Kada a raina birkila a wannan zama. Shi ya san unguwar da tifa ba ta shiga idan ƙasa ta jiƙe, shi ya san cewa leburori da yawa kan koma gona da damina, kuma mako guda kafin Sallah da mako guda bayanta aiki sai a hankali.

Yadda ake rubuta haɗarin shi ne wurin da aka fi yin tuntuɓe. Mutum ya rubuta "ruwan sama" ko "siminti" ya wuce. Wannan bai faɗi komai ba. Kowane layi yana son abu uku: sanadi, abin da zai faru, da abin da zai jawo. Sai a rubuta: "Saboda haƙa zai faɗo cikin damina, ramin harsashi na iya cika da ruwa ya rufta, a sake haƙa, a yi asarar kamar mako biyu." Da ka rubuta shi haka, maganin ya fara leƙowa da kansa. Kuma abin da ya riga ya faru ba ya shiga wannan takarda. Idan simintin ya riga ya jiƙe, wannan matsala ce ta yau, a tashi a magance ta. Rajista ta abin da bai zo ba ce.

Daga nan sai awo. Yiwuwa ana ba ta maki daga 1 zuwa 5: 1 abin da da wuya ya faru, 3 ko ya faru ko kada ya faru, 5 abin da kusan tabbas ne. Ɓarna ma daga 1 zuwa 5, amma a nan dole a yi yarjejeniya tun farko a kan ma'anar kowane maki, in ba haka ba kowa zai auna da mudunsa. A ginin namu ana iya cewa 1 asarar da ba ta kai dubu 100 ba ko jinkirin kwana biyu, 3 asarar dubu 500 zuwa miliyan 1 ko jinkirin mako biyu, 5 kuwa asarar da ta haura miliyan 2, ko rushewar gini, ko rai. Sai a ninka yiwuwa da ɓarna. Mafi ƙanƙanta 1, mafi girma 25.

Ramin nan na damina ya ci yiwuwa 4, ɓarna 3, maki 12 ke nan. Tashin farashin siminti ma haka. Wanda ya yi gini a farkon 2024 bai manta yadda buhu ya yi tsalle cikin 'yan makonni har ya kusan ninkawa a wasu garuruwa ba. A ce aikin na cin buhu 600, an sayi 200, saura 400. Idan kowane buhu ya ƙaru da naira 1,500, dubu 600 sun fita daga aljihu ba tare da an ƙara bulo ko ɗaya ba. Yiwuwa 4, ɓarna 3, shi ma 12. Satar 'yan sandunan rodi da daddare kuwa wataƙila yiwuwa 3, ɓarna 2, maki 6.

Amma lissafin nan yana da makanta, kuma a ganina wanda bai san ta ba gara ma bai yi lissafin ba. Ɗauki batun dekin. Kankare yana kai ƙarfin da aka tsara masa ne a kwana 28, kuma yana son a riƙa ba shi ruwa aƙalla mako guda. Kafinta yana da wani aikin yana jiransa, yana son katakonsa, mai gini kuma yana gaggawa. Idan aka zare turakun da ke tallafe da dekin kafin lokaci, zai iya lanƙwasa, ya tsage, ko ya rufto a kan mutane. Yiwuwa 2, ɓarna 5, maki 10. A takarda 10 tana ƙasa da 12, wato kamar farashin siminti ya fi ruftawar dekin muhimmanci. Babu mai hankalin da zai yarda da haka. Don haka a kafa doka a saman shafi: duk abin da ɓarnarsa ta kai 5 yana sahun gaba, ko nawa ya ci. Makin na jera abubuwa ne don a san inda za a fara, hukunci yana hannun mutane.

Gidan da ya fi kowanne nauyi shi ne na mai riƙe da haɗari. Sunan mutum ɗaya ake rubutawa. Idan ka ga an rubuta "ma'aikata" ko "dukkanmu", to babu kowa ke nan, ranar da abin ya faru kowa zai nuna ɗan'uwansa. Kuma mai riƙewa ba shi ne wanda za a ɗora wa laifi ba. Shi ne wanda yake da ido a kan abin, yake kuma da ikon yin wani abu. Ramin harsashi na ɗan kwangila ne, don shi ke tsara ranakun aiki. Dekin na injiniya ne, shi kaɗai zai ce a zare turaku, galibi bayan mako biyu zuwa uku gwargwadon faɗin dekin. Siminti na mai gini ne, tunda kuɗin na hannunsa. Kuskure ne ka rubuta sunan mai gadi a gaban farashin siminti, ko ka ɗora wa birkila takardar izinin gini. Wannan izini, wanda a Kano hukumar KNUPDA ke bayarwa, mai gini ne zai bi shi. Masu gini da yawa suna son rajistar da ke cike da sunayen wasu, alhali babban haɗarin ƙaramin gini shi ne kuɗi su yanke a tsakiya, kuma wannan layin sunan mai gini ne a gabansa.

Matakin da za a ɗauka iri huɗu ne. Ko a kauce wa haɗarin gaba ɗaya, ko a rage shi, ko a miƙa shi ga wani, ko a karɓe shi da sani. Da ɗan kasuwan nan zai iya jira a fara haƙa a Oktoba bayan ɗaukewar ruwa, da ya kauce, layin ya mutu. Tunda ba zai jira ba, sai ragewa: a haƙa kashi-kashi, abin da aka haƙa a zuba masa kankare cikin kwana biyu, a yi wa ruwa hanya ya bi gefe, a kuma san tun yanzu inda za a yi hayar injin zuƙe ruwa da kuɗinsa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Miƙawa ita ce kamar a rubuta cikin yarjejeniya cewa kayan da suka ɓata a wurin aiki ɗan kwangila ne zai biya, shi kuma ya san yadda zai yi da mai gadinsa. Ba kyauta ba ce, zai sa kuɗinta cikin farashinsa. Ƙananan abubuwa masu maki 2 ko 3 kuwa, irin fashewar 'yan bulo wajen saukewa, a karɓe su, a ware musu wani abu cikin kuɗin ko-ta-kwana.

A kula, magani kan haifi nasa ciwon. Mai gini ya ji tsoron farashi ya sayi buhu 400 a tashi ɗaya ya jibge a ɗaki mai danshi da damina. Bayan wata uku ya tarar da rabinsu sun yi gudaji, wasu sun zama dutse. Siminti yana son a ɗora shi a kan katako, nesa da bango, kada a jera fiye da buhu goma a tsaye, a kuma fara amfani da wanda ya riga zuwa. Idan aka zaɓi a biya dila kuɗi a riƙa ɗauka kaɗan-kaɗan, to an buɗe sabon layi: dila na iya gazawa. Shi ma a rubuta shi, da rasit mai ɗauke da adadin buhu da farashi.

Kowane mataki yana son rana da alama. "A sa ido" ba mataki ba ne. A rubuta: "Idan buhu ya ƙaru da naira 500, a sayi na dekin gaba ɗaya cikin makon." Ko: "Ba a taɓa turaku sai injiniya ya zo ya sa hannu a littafin nan."

Wasu dattawa kan ji wannan zama kamar mugun fata ne, a ce me ya sa za a kira sharri tun ba a fara ba. Amma su ɗin ne ke sa mai gadi, su sayi kwaɗo. Bambancin kawai, wannan an rubuta shi.

Gini irin wannan layi goma zuwa goma sha biyar sun ishe shi. Wanda ya cika shafuka da layi sittin ba zai sake buɗe littafin ba. A duba shi sau ɗaya a mako, ranar biyan leburori ta fi dacewa tunda kowa yana nan, minti goma sha biyar a tsaye. An gama harsashi, a soke layinsa. An kusa dekin, a ɗaga nasa sama. Alamar rajistar da ta mutu ita ce tsafta: babu gogewa, babu sabuwar kwanan wata, makin Yuni yana nan a Satumba. Mai rai za ka gan ta da ƙurar siminti da rubutun hannu iri-iri.

Idan kana da fili kuma kana shirin kiran masu haƙa, sayi littafin nan tun kafin tifar farko ta yashi, ka fara da layin da ke ɗauke da sunanka.