Takardar Neman Darakta Ba Jerin Ayyuka Ba Ce

Akwai wata magana da ke yawo a ofisoshi da na gaji da jinta: wai manajan da ke neman kujerar darakta sai ya tsawaita takardar tarihin aikinsa, wadda kowa ke kira sibi, domin yawan shafuka ke nuna girma. Sai ka ga mutum mai shekara goma sha biyar a bakin aiki ya tura shafi bakwai, tun daga firamare har bitar kwana biyu da ya halarta a Kaduna, amma babu layi ɗaya da ya faɗi nawa aka damƙa masa, mutum nawa ke ƙarƙashinsa, ko abin da ya canza. A aikin gwamnatin tarayya, inda darakta ke mataki na 17, jarrabawar ƙarin girma da shekarun aiki ke da nauyi. Maganata kan kamfanoni ce da ƙungiyoyin agaji, inda takarda ke shiga gaban masu zaɓe kafin mai ita.

Manaja ana tambayarsa ko aiki ya tafi daidai. Darakta kuwa ana tambayarsa wane aiki ya kamata a yi, wanne za a bari, da kuɗin wa. Shi ya sa jerin nan na "kula da ma'aikata, shirya rahoto, halartar taro" ba ya amfanar kowa. Duk wanda ya taɓa zama a kujerar ya yi waɗannan, har wanda aka kora. Masu karantawa sun san aikin manaja, su suka rubuta shi. Abin da ba su sani ba shi ne girman nauyin da ka ɗauka da abin da ka yi da shi. Wasu kuma na cewa ambaton adadi fahariya ce, ba tarbiyyarmu ba. Haba! Faɗin gaskiyar amanar da aka ba ka ga wanda ke shirin ba ka wadda ta fi ta ba alfahari ba ne. Mai neman ya ba ka ajiya yana da haƙƙin sanin wace iri ka taɓa riƙewa.

Mu ɗauki misali. A ce wata baiwar Allah manajar rarraba kaya ce a wani kamfanin abinci a Kano, tana neman daraktar ayyuka. A takardarta ta rubuta: "Ina kula da kasafin kuɗin sashe." Wannan bai ce komai ba. Abu na farko da za ta tantance shi ne kuɗin da take da iko a kansa, da wanda kawai yake ratsa teburinta. Kayan da ke fita daga sito na iya kai naira biliyan 20 a shekara, amma ba ita ta sayar ba, ba ita ta yanka farashi ba. Nata shi ne kuɗin gudanar da sashen: hayar motoci, dizal, hayar sito, albashi. A ce biliyan 1.8 ne a 2024. Idan ita ke tsara shi, ta kare shi a gaban shugabanni, ta sa hannu a kashe, sai ta rubuta: "Na tsara kuma na gudanar da kasafin naira biliyan 1.8 a 2024." Idan kuwa akanta ne ke tsarawa ita tana bi, to kalmar "tsara" ba tata ba ce. A intabiyu tambaya ɗaya ke tona wannan: har nawa kike iya sa hannu ba tare da neman izini ba? Wanda ya ari adadin kamfani duka ya liƙa wa kansa, a nan harshensa ke sarƙewa.

Sai maganar shekara, wadda mutanenmu ke yawan mantawa. Adadin naira marar shekara ya rasa ma'ana tun watan Yunin 2023, da aka saki darajar naira ga kasuwa. A ƙarshen 2022 dala tana wajen naira 450 a farashin hukuma. A 2024 ta yi ta yawo a kusa da 1,500, hauhawar farashi kuma ta haura kashi 30 cikin ɗari. To idan kasafin manajarmu miliyan 900 ne a 2022 ya koma biliyan 1.8 a 2024, kada ta yi gigin rubuta cewa ta ninka shi. A dala, daga kusan miliyan 2 ya sauko zuwa kusan miliyan 1.2. Daraktan kuɗi da ke cikin masu zaɓe zai yi wannan lissafin a kansa kafin ya kai ƙarshen layi. Abin da ya fi mata shi ne ta nuna yawan kayan da ta kai, katan nawa, ga diloli nawa, alhali ƙarfin kuɗin ya ragu. Idan kamfanin da take nema na waje ne, ta sa dalar a gefe tare da shekarar.

Yawan ma'aikata ba ya buƙatar dogon bayani, sai dai a raba shi. "Ma'aikata 84" na iya nufin komai. Ta ce: shida ke kawo mata rahoto kai tsaye, huɗu daga cikinsu su ma shugabannin rukuni ne, jimilla 84, na dindindin 52, 'yan kwantiragi 32. Waɗannan huɗun sun fi tamanin ɗin daraja a idon mai zaɓe, domin darakta shugabanni yake jagoranta. In akwai wanda ta raina har ya zama manaja, ta faɗa.

Inda aka fi faɗuwa shi ne tasiri. Mutane na cika wurin da "hangen nesa" da "jajircewa", kalmomin da ba wanda zai iya gwadawa. Tasirin da ake nema hukunci ne da ka yanke ko ka shawo kan na sama suka yanke, wanda da ana iya yin akasinsa. Layi mai kyau yana ɗauke da halin da aka tarar, abin da aka zaɓa, da sakamako. Manajarmu za ta iya cewa: "Na tarar da sito biyar, biyu ba sa cika rabi. Na gabatar wa hukumar gudanarwa shawarar rufe biyun da mayar da hanyoyin nesa ga motocin haya. Cikin shekara guda kuɗin kai katan ɗaya ya sauka daga naira 420 zuwa 370, kwanakin isar kaya daga biyar zuwa uku." Ragin ya kusa kashi 12 cikin ɗari, kuma ya faru a lokacin da dizal ke tashi, abin da ya kamata ta ambata. Layi uku ko huɗu irin wannan a ƙarƙashin aikinta na yanzu sun isa. Ayyukan shekara goma baya kuwa, suna da shekara kawai.

Ga gwajin da nake ba mutane: rufe sunanka, ka karanta layin. Idan wanda ya gabace ka a kujerar zai iya sa hannu a kansa, goge shi. Sannan ka ji tsoron Allah wajen raba yabo. Abin da kwamiti ya yi, ka ce kana ciki, ka faɗi naka ɓangaren. Masu zaɓe kan kira tsohon maigidanka, kuma shi bai manta wanda ya kawo shawarar ba.

Wani zai ce kamfaninsa bai yarda a fitar da adadi ba. Gaskiya ne, kuma wanda ya watsa sirrin inda yake ci, sabon wurin ma zai yi shakkarsa. Mafita ita ce kaso da kimantawa: "sama da naira biliyan ɗaya", "ragin kashi 12 cikin ɗari". Sunayen diloli da ribar kamfani su zauna a inda suke. Takardar duka kada ta wuce shafi biyu, kuma layuka ukun farko, ƙarƙashin suna, su ɗauki kasafin da shekararsa, yawan mutanen, da hukunci ɗaya mafi girma da ka yanke. Takardun shaidar karatu su koma ƙarshen shafi na biyu.