Sai Oga Ya Tashi: Zaman Ganin Ido a Ofisoshin Japan da Dabarun Kauce Masa

A yawancin tsofaffin kamfanonin Japan babu wanda ke da ɗakinsa shi kaɗai. Ana harhaɗa teburan ma'aikatan sashe guda ne wuri ɗaya, suna fuskantar juna, teburin shugaban sashen kuma yana can gaba inda yake ganin kowa. Ƙarfe shida na yamma za ta buga, lokacin tashi ya yi a takarda, amma ba wanda zai taɓa jakarsa. Wanda ya gama aikinsa sai ya sake buɗe takardar da ya riga ya duba, yana satar kallon oga. Idan oga bai tashi ba, ƙaramin ma'aikaci ba ya tashi. Wanda kuwa ya daure ya miƙe, al'ada ce sai ya nemi afuwar abokan aikinsa a bayyane saboda ya riga su tafiya.

Lissafin wannan zama ba shi da wuya. Ma'aikacin da ya kamata ya tashi ƙarfe shida, idan ya kai ƙarfe goma na dare, ya ƙara awa huɗu ke nan. A kwana ashirin na aiki cikin wata, awa 80 ne. Wannan adadi kuwa shi ne hukumomin ƙwadago na Japan suke ɗauka a matsayin layin haɗari: wanda ya daɗe yana ƙara awa 80 a wata, in zuciyarsa ta buga ko jini ya fashe masa a ƙwaƙwalwa, ana iya ɗora alhakin a kan aikin. Irin wannan mutuwa ita suke kira karoshi.

Asalin al'adar yana cikin yadda ake ɗaukar ma'aikata. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, manyan kamfanonin ƙasar sun saba kwasar ɗalibai da zarar sun gama jami'a, su fara aiki tare a watan Afrilu, da fahimtar cewa nan za su zauna har ritaya. Albashi da girma suna tafiya ne da shekarun da mutum ya yi. Ba a cika rubuta wa mutum iyakar aikinsa ba, don haka babu ranar da zai ce nasa ya ƙare alhali na sashen bai ƙare ba. To, idan mutum goma sun shigo rana ɗaya, albashinsu ɗaya, aikinsu a cakuɗe, da me oga zai bambanta mai kishin kamfani da maras kishi? Abin da idonsa ke gani kullum shi ne wanda ke kan kujera. Daga nan daɗewa a ofis ya zama shaidar biyayya, ko da rabin zaman aikin ganin ido ne.

Dokar ƙwadago ta ƙasar ta ce awa takwas a rana, 40 a mako. Sai dai sashe na 36 na dokar ya ba kamfani damar ƙulla yarjejeniya da wakilan ma'aikata a kan ƙarin awanni, kuma shekara da shekaru babu wani tsayayyen rufi a kan abin da za a iya amincewa da shi.

Labarin Matsuri Takahashi ne ya tona yadda abin ke gudana daga ciki. Ta gama Jami'ar Tokyo, ta fara aiki a watan Afrilun 2015 a Dentsu, kamfanin tallace-tallace mafi girma a ƙasar. Ranar 25 ga Disamba na wannan shekara ta hallaka kanta, tana da shekara 24. A watan Satumban 2016 ofishin sa ido kan ƙwadago ya tabbatar cewa aiki ne sanadi, bayan ya ƙirga mata ƙarin awa kusan 105 a cikin wata guda. Idan aka raba wannan a kwana ashirin, ya haura awa biyar kowace rana bayan lokacin tashi.

Abin lura shi ne takardun kamfanin ba su nuna haka ba. Yarjejeniyar da ta shafe ta ta tsayar da ƙarin aiki a awa 70 a wata, kuma awannin da aka rubuta mata sun tsaya daf da 70, ba su tsallake ba. Abin da ya ƙaryata takardun shi ne na'urar ƙofar shiga ginin, wadda ke ajiye lokacin da kowa ya shiga da lokacin da ya fita, sai kuma saƙonnin da ta riƙa wallafawa da tsakar dare. Ratar da ke tsakanin lissafin biyu ita ce aikin da ake yi wa kamfani kyauta, ba a rubuta ba, ba a biya ba.

Shugaban kamfanin, Tadashi Ishii, ya sanar da murabus ɗinsa a ƙarshen 2016, kamfanin kuma ya fara kashe fitilun ofis da ƙarfe goma na dare. A watan Oktoban 2017 kotu ta ci Dentsu tarar yen 500,000, kuɗin da bai kai dala 5,000 ba. A wannan watan ne kuma gidan rediyo da talabijin na ƙasa, NHK, ya bayyana cewa wakiliyarsa Miwa Sado, wadda zuciyarta ta buga a 2013 tana da shekara 31, ta yi ƙarin awa 159 a watan da ya gabaci rasuwarta.

Majalisa ta gyara doka a 2018, gyaran ya fara aiki a kan manyan kamfanoni a Afrilun 2019, ƙanana kuma bayan shekara guda. Yanzu ƙa'idar ita ce ƙarin awa 45 a wata, 360 a shekara. A lokacin matsi ana iya wucewa, amma kada a kai awa 100 a wata, kada a haura 720 a shekara. An kuma wajabta wa kamfani ya tabbatar ma'aikaci ya ci aƙalla kwana biyar na hutunsa na shekara, domin da yawa ba sa taɓa hutun don kunyar abokan aiki.

Doka dai ta sa rufi, amma ba ta cire idon oga daga kan kujera ba. A 2017 gwamnati da 'yan kasuwa sun ƙaddamar da shirin tashi ƙarfe uku na rana a Juma'ar ƙarshen wata. Bai yi tasiri ba, saboda ƙarshen wata lokacin rufe lissafi ne, kuma babu mai son ya zama na farkon miƙewa.

Shi ya sa masu kauce wa zaman dare ba su cika yin shela ba. Wani bincike daga wajen Japan ya nuna dalili. A 2015 wata malamar jami'a, Erin Reid, ta wallafa abin da ta gano a wani babban kamfanin ba da shawara a Amurka, inda ake sa ran ma'aikaci ya kasance a shirye dare da rana. Waɗanda suka fito fili suka nemi a rage musu awanni, an rage musu maki a lokacin auna ƙwazo. Waɗanda suka rage awannin a ɓoye kuwa, ta hanyar zaɓar abokan hulɗa na kusa da gida da rufa wa juna asiri, sun sami maki mai kyau kamar masu kwana a ofis. Ashe shugabannin ba su iya bambance mai yin awannin da mai kamannin yin su.

Dabara ta farko ke nan: a ba oga wani abin da zai auna da shi. A ɗauki misalin ma'aikaciyar da ke son tashi ƙarfe shida da rabi. Da safe za ta je wa shugaban sashe da ayyuka uku da ke gabanta, ta tambaye shi wanne ya fi gaggawa. Wajen ƙarfe huɗu za ta kai masa wanda ta gama, ta tambaya ko akwai gyara. Amfanin wannan shi ne gyaran da ya saba faɗowa ƙarfe shida saura kwata, wanda shi ke jawo zaman dare, yanzu ya zo da sauran rana. In an jibgo mata sabon aiki da yamma ba za ta ce a'a ba. Za ta tambaya ne ko a ajiye na farko a kama wannan, ko gobe da safe ya wadatar. Hukuncin ya koma hannun oga, kuma ya ga da idonsa cewa lokaci ba ya ɗaukar duka biyun.

Ta biyu ita ce mayar da ƙarin aikin zuwa safiya, domin zaman safe yana da iyaka, na dare kuwa ba shi da ita. Kamfanin kasuwanci na Itochu ya mayar da wannan ƙa'ida tun 2013: ya hana aiki bayan ƙarfe takwas na dare sai da dalili, ya haramta shi gaba ɗaya bayan goma, ya riƙa biyan ƙarin kuɗi ga masu sammako tare da ba su karin kumallo kyauta. Inda kamfani bai yi haka ba, ma'aikaci kan yi wa kansa, ya shigo kafin kowa don a san shi da sammako.

Ta uku ita ce uzuri tsayayye wanda ke maimaituwa, kamar ɗauko yaro daga gidan reno ko darasin yamma kowace Laraba. Uzurin rana ɗaya roƙo ne, sai an sake shi gobe. Wanda ya zama jadawali kuwa, cikin 'yan makonni sashen kan saba da shi. Ya fi ƙarfi idan mutum biyu ko uku suka daidaita suna miƙewa tare, don kada ido ya tsaya a kan mutum ɗaya.

Ta huɗu, wadda labarin Takahashi ya koyar, ita ce mutum ya riƙe lissafin kansa: lokacin shiga, lokacin fita, kowace rana, a littafinsa ko wayarsa, ba a na'urar kamfani kaɗai ba. Dokar Japan ta ce a biya ƙarin aiki da ƙarin kashi 25 cikin ɗari, abin da ya haura awa 60 a wata kuma kashi 50, kuma tun 2020 ma'aikaci yana da shekara uku ya nemi haƙƙin da aka danne masa.

Duk waɗannan suna aiki ne inda zaman na ganin ido ne. Inda aikin mutum uku aka ɗora wa mutum ɗaya, tashi da wuri ba ya rage komai, sai dai a kwashi aikin a tafi da shi gida, inda babu na'urar ƙofa da za ta ƙirga. Alamar da ake gane an kai nan ita ce lissafin mutum ya nuna wata biyu ko uku a jere yana kusantar awa 80, barci ya koma awa huɗu ko biyar, ko kuma a umarce shi ya rubuta ƙasa da abin da ya yi. A wannan gaɓa dokar ƙasar ta ba wanda ya haura awa 80 kuma gajiya ta taru masa damar neman ganin likita ta hannun kamfani, kuma ofisoshin sa ido kan ƙwadago suna karɓar ƙorafi kai tsaye daga ma'aikaci. Direbobin manyan motoci, likitoci da ma'aikatan gine-gine su ne suka fi daɗewa suna jira: sai a Afrilun 2024 rufin ya hau kansu, kuma na direbobi an tsayar da shi ne a awa 960 a shekara.