Wayar da ba ta son a fitar da ita daga maganaɗisu

Ɗauki wayar jan ƙarfe ka lanƙwasa ta ta zama kamar firam ɗin taga mai kusurwa huɗu, tsawonta santimita 30, tsayinta santimita 20, ka haɗa bakinta biyu. Ba batir, ba soket. Ka sa ta tsakanin bakunan babban maganaɗisu, sannan ka ja ta waje. A ɗan lokacin da take fita, wutar lantarki za ta zagaya cikinta. Michael Faraday ne ya gano wannan a Ingila a shekarar 1831, kuma a kansa janareta ke aiki har yau.

Abin da ke tayar da wutar shi ne canji a yawan ƙarfin maganaɗisun da ke ratsa tsakiyar firam ɗin. Kamar tire ne a cikin ruwan sama: idan kana janye shi zuwa ƙarƙashin rumfa, ruwan da ke faɗa masa sai raguwa yake. Muddin firam ɗin duka yana cikin filin maganaɗisu mai ƙarfi bai ɗaya, ko gudu yake yi, ba abin da ya ragu, don haka ba wuta. Sai gefe ɗaya ya leƙa waje ake fara ganinta.

Mu zana shi a takarda. Ƙarfin maganaɗisun yana nutsewa cikin takardar, girmansa tesla 0.5. Ana jan firam ɗin zuwa dama da saurin mita 2 a daƙiƙa. Ƙarfin da ke tura wutar, wanda littattafai ke rubutawa emf, ana samun sa da wannan lissafi: emf = B × L × v. B shi ne ƙarfin maganaɗisu, v sauri, L kuwa tsayin gefen da ke tsaye, wato mita 0.2. Ɗalibai kan sa santimita 30 a nan, su faɗi. Dogayen gefunan sama da ƙasa suna bin hanyar tafiyar ne kawai, ba sa yanka komai. Aikin tsawon shi ne faɗa mana daɗewar abin, daƙiƙa 0.15 kacal. To, 0.5 × 0.2 × 2 ya ba mu bolt 0.2. Idan turjiyar wayar om 0.4 ce, wutar da ke gudu amfiya 0.5 ke nan.

Saura tambayar da ta fi rikita mutane: ta ina wutar ke zagayawa? Amsar ta fito daga Emil Lenz, wanda ya yi aiki a birnin Santa Fitasbag na Rasha, a 1834. Ƙa'idarsa ita ce wutar da aka tayar takan bi hanyar da za ta yi hamayya da canjin da ya haife ta. A lura, da canjin take faɗa. Da yawa sukan ɗauka kullum kishiyar maganaɗisun take, kuma nan ne ake ɓata. A misalinmu ƙarfin da ke nutsewa cikin takarda raguwa yake yi, saboda haka wayar za ta yi ƙoƙarin cike giɓin, ta ƙirƙiro nata ƙarfin da shi ma ke nutsewa cikin takardar. Miƙe babban yatsan hannunka na dama ya nuna cikin takardar, ka dubi yadda sauran yatsun suka lanƙwashe: sun bi juyin hannun agogo. Hanyar wutar ke nan. Da shiga filin firam ɗin ke yi, ƙarfin na ƙaruwa, da wutar ta juya ta ɗaya hanyar.

Akwai yadda za ka tabbatar ba ka yi kuskure ba. Gefen hagu, wanda har yanzu yana cikin filin, wutar tana hawa sama a cikinsa, maganaɗisun kuwa yana tura shi hagu da ƙarfin B × I × L, wato nyutan 0.05. Kai kana ja dama, waya tana ja hagu. Idan lissafinka ya nuna wayar tana taya ka ja, ka juya amsar, domin da haka ne da firam ɗin zai riƙa ƙara gudu da kansa yana ba da wuta kyauta. Aikin da hannunka ke yi, 0.05 × 2, wat 0.1 ne. Zafin da ke fita daga wayar, I² × R, wato 0.25 × 0.4, shi ma wat 0.1 ne cif. Guminka ne ya koma wuta, wutar ta koma ɗumi.

Idan ka yanke wayar a wuri ɗaya, bolt 0.2 ɗin yana nan tsakanin bakunan biyu, mita za ta nuna shi, amma ba wutar da ke zagayawa, hannunka ma ba zai ji turjiyar ba. Wannan ne dalilin da ya sa janareta ke tafiya sumul idan ba a jona masa komai ba, amma da an kunna dutsen guga sai ka ji muryarsa ta yi nauyi, injin yana ƙara shan mai don ya rinjayi jan da wayoyin cikinsa ke yi masa baya.