Mako takwas na motsa jiki: kada ka tsallake ranar hutu

Da yawa cikin masu fara motsa jiki tun da wuri suke ajiye takalmi, kuma ba lalaci ne ke jawo hakan ba. Mutum ya shekara 10 yana zaune a shago, likita ya ce masa ya rage tumbi, washegari sai ya fita ya yi gudun minti 40 har da tsallen kwaɗo. Kwana biyu bayan nan ruku'u ma sai da dabara. Daga nan an gama.

Abin da ba a cika faɗa wa mai farawa ba shi ne, sassan jiki ba tare suke sabawa da aiki ba. Zuciya da huhu kan saba cikin 'yan makonni, har mutum ya ji hakinsa ya ragu. Jijiyoyin gwiwa da na agara da ƙashin ƙwauri kuwa sai sun ɗauki watanni. To, mutum zai ji numfashinsa ya isa ya ƙara gudu, alhali ƙafarsa ba ta shirya ba, a nan ake samun rauni. Ita kuma tsoka, aiki gajiyar da ita yake yi, gyaruwa da ƙarin ƙarfi sai a lokacin hutu da barci. Wanda ya soke ranar hutu ya soke rabin aikin.

Mu ɗauki tela mai shekara 42 da ke wuni a kan keke. Makon farko zai fita Litinin da Laraba da Asabar, tafiyar ƙafa ta minti 15 da ɗan sauri. Ma'aunin saurin mai sauƙi ne: ya iya magana da abokin tafiya, amma ba zai iya rera waƙa ba. In maganar na yankewa saboda haki, ya sassauta. Mako na 2 ya mai da ita minti 20, na 3 minti 25. A na 3 ɗin ne zai shigo da aikin ƙarfi bayan tafiyar Litinin da Asabar: ya zauna kan kujera ya miƙe sau 8 ba tare da dafa gwiwa ba, ya dafa bango ya tura jikinsa sau 8, ya huta, ya maimaita.

Mako na 4 zai koma minti 20. Na san wannan zai ba wasu haushi, su ce ana gaba ana baya. Amma gajiyar mako 3 ta taru a gaɓoɓi ko da bai ji ba, sauƙaƙawar nan ce za ta ba shi damar ɗaukar abin da ke tafe.

Daga mako na 5 ƙa'ida ɗaya ce: abu guda ake ƙarawa a mako, ko yawan kwanaki, ko tsawon lokaci, ko sauri. Na 5 kwana 4 ne, minti 25 ɗin da ya riga ya kai a na 3. Na 6 kwana 4, minti 30. Na 7 lokacin bai canza ba, sai dai a kwana 2 zai riƙa sassarfa ta minti 1, tafiya ta minti 2, sau 5 a tsakiyar fitar. Mai ƙiba sosai ko ciwon gwiwa ya bar sassarfar, tafiyar ta wadatar. Na 8 kwana 5, minti 30, jimilla minti 150, wato mafi ƙarancin abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke so baligi ya samu a mako. Har a lokacin kwana 2 na hutu suna nan, a raba su, misali Talata da Juma'a.

Tsamin jiki da ke zuwa kwana 1 ko 2 bayan aiki, a cinyoyi duka biyu, yana sakin mutum in ya ɗan taka, ba abin tsoro ba ne. Ciwon da ke wuri guda, a gwiwa ko ƙwauri, yana ƙaruwa da takawa ko ya zo da kumburi, shi ne na tsayawa. A huta har ya lafa, a koma lissafin makon baya. Ciwon ƙirji, jiri, ko fitsari ya yi duhu kamar baƙin shayi bayan aiki mai tsanani, wannan na asibiti ne a ranar. Mai hawan jini ko ciwon suga ko ciwon zuciya ya ga likita tun kafin ya fara.

Sai batun lokaci. A zafin Maris zuwa Mayu, bayan sallar asuba ko dab da magariba ne lokacin fita, da gorar ruwa a hannu. Masu saka leda ko rigar sanyi don su yi gumi su daina, ruwan jiki suke zubarwa ba kitse ba. Ranar da hazo ya yi kauri, mai asma ya yi tafiyarsa a tsakar gida. In kuma zazzaɓi ko tafiya ta cinye wa telan mako guda, kada ya rama, ya maimaita makon da ya kammala na ƙarshe.