Take da bayanin bidiyo: abin da takardar tayin aiki za ta ƙunsa

'Yan kasuwa da dama a Kantin Kwari da Sabon Garin Kano suna ɗaukar hajarsu a waya su ɗora a YouTube ko Instagram. Hoto kan fito tas, amma abin da ake rubutawa a kai bai wuce "Sabbin kaya sun iso" ba. Mai neman farar shadda ba zai taɓa rubuta wannan jimlar a gurbin bincike ba, don haka da wuya bidiyon ya zo gabansa. A nan wasu matasa masu aikin kansu suka samu ƙofa: su rubuta wa mai shago take da bayanin bidiyonsa, ya biya su duk wata. Sai dai kafin a fara, dole a miƙa takardar tayi, kuma a nan ciniki ke faɗawa ko ya watse.

Takarda mai kyau samfuri take fara nunawa, ba yabon kai ba. Marubucin zai ɗauki wani tsohon bidiyon shagon ya sake masa take, misali "Farar shadda ta angwaye, yadi 10, Kantin Kwari Kano". YouTube ba ya karɓar taken da ya haura haruffa 100, kuma a waya yakan datse mai tsawo, shi ya sa sunan kaya ke zuwa farko. Gurbin bayani na ɗaukar haruffa 5,000, amma layukan farko kaɗai mai kallo ke gani idan bai danna ba. A waɗannan layukan ake sa irin kaya da farashi da inda shago yake da yadda za a yi oda. Tarihin shago ya jira ƙasa.

Bayan samfuri sai lissafi ƙarara. A ɗauka matashin ya rubuta: "Ranka ya daɗe Alhaji, zan rubuta take da bayani na bidiyo 12 a wata kan naira 30,000, rabi a farko, rabi a ƙarshe. Kowane bidiyo zan kawo take biyu a zaɓa, cikin kwana ɗaya da turo shi. Gyara sau ɗaya kyauta ne. Bidiyon da ya haura 12, naira 2,500 ne." Kuɗin nan misali ne kawai, kowa da yadda zai daidaita. Abin lura shi ne babu inda aka bar zato. Takardar ta kuma faɗi abin da ba ya cikin aikin, wato ɗaukar bidiyo da tace shi da amsa saƙonnin kwastomomi. Idan ba a rubuta haka ba, kafin wata ya ƙare marubuci ya zama yaron shago a kan kuɗin rubutu.

Shi ma mai shago akwai nauyi a kansa. Shi zai bayar da farashi da yawan yadi da launukan da suka rage. Idan turmin atamfa ya tashi ranar Laraba amma bayani na ɗauke da farashin Litinin, mai saye zai ce an yaudare shi, kuma sunan shago ne zai ɓaci. Saboda haka takarda ta fayyace wanda zai sanar da sauyin farashi, a kuma riƙa rubuta kwanan wata kusa da kowane farashi.

Wurin da aka fi yin kuskure shi ne bayar da kalmar sirri. Babu buƙata. A YouTube Studio, ƙarƙashin Settings akwai Permissions, inda mai shago zai gayyaci marubuci da matsayin Editor, ya cire shi ranar da aiki ya ƙare, tashar kuma tana hannunsa.

To ta yaya za a gane aikin na ci? YouTube Studio na nuna sau nawa aka bijiro wa mutane da bidiyo, da sau nawa suka danna. Idan an nuna shi sau 1,000 aka danna sau 40, kashi 4 cikin 100 ke nan. A kwatanta da watan da ya gabata. Idan dannawa ta ƙaru amma mutane na ficewa cikin daƙiƙun farko, taken ya yi alkawarin abin da bidiyon ba ya ɗauke da shi. Kuma take ba ya gyara bidiyo mai duhu ko kaya masu tsada fiye da na maƙwabta.

Don haka duk takardar da ta ce ciniki zai ninka ko masu kallo za su kai dubu kaza, a ajiye ta gefe, domin wannan ba a hannun marubuci yake ba. Mai shago ya nemi samfuri uku daga bidiyonsa, a yi gwajin wata ɗaya a rubuce, sannan a duba alƙaluma kafin a sabunta yarjejeniya.